Sauran kuɗi ne alƙali a takardar lissafin waya

Maigida, wani mai sayar da albasa a nan Tawa ya kawo takardar lissafin kuɗinsa na waya domin neman rance, na haɗa abin da ya shiga a wata guda na samu sefa 612,000. Shin in rubuta wannan adadi a matsayin shaidar abin da yake samu, ko akwai abin da ya kamata in duba tukuna?

Kada ka rubuta shi tukuna, ɗana. Da farko ka tabbata cewa takardar daga kamfanin ta fito, ko Airtel Money ne, ko Moov Money, ko Zamani Cash, da sunan mutumin da lambarsa a kanta, domin hoton allon waya da saƙon da ake turowa bayan biya abubuwa ne da kowane yaro mai wayo zai iya ƙirƙira. Sannan ka bar layin kuɗin shiga, ka koma layin ƙarshe, wanda galibi ake rubuta Solde a samansa, wato abin da ya rage a asusu bayan kowace hulɗa. Duk kuɗin da aka ce sun shiga amma wannan layin bai motsa ba, to ba su shiga ba.

Na duba kwafin da ka ajiye mini a tebur, kuma ga yadda na bi shi. Watan ya fara da sefa 18,500 a asusu, an ce 612,000 sun shiga, kuma abin da ya fita, har da ladan kamfani na cirewa da turawa, ya kai 548,000. Idan ka tara na farko da na biyu ka ɗebe na uku, ya kamata a ga 82,500 a ƙarshen wata, amma takardar ta nuna 7,500 kawai. Giɓin sefa 75,000 ne, kuma da zarar ka sami giɓi mai kai ɗaya irin wannan, sai ka nemi hulɗar da ta yi daidai da shi. Tana nan a ranar 4 ga wata: da ƙarfe 10:14 wata lamba ta turo 75,000, sauran kuɗi ya tsaya a 18,500, sannan da ƙarfe 10:19 lambar nan ta sake turo 75,000, sauran kuɗi ya hau 93,500. Na farkon bai wuce ba, wataƙila rezo ne ya yanke, wataƙila kuɗin mai turawa ba su kai su biya ladan ba, shi ya sa ya sake. Wasu takardun suna rubuta Échec ko En attente a gefen irin wannan layi, amma idan takarda ta zo ba tare da wannan bayani ba, lissafin da muka yi shi ne zai tona ta.

Sai dai wannan lissafi yana da iyaka, kuma a nan ne masu koyon aiki suka fi faɗawa rami. Kuɗin da suka shiga da gaske sannan aka mayar da su ba sa barin giɓi, domin shigarsu da fitarsu sun kashe juna, takarda ta daidaita tsaf alhali jimillar kuɗin shiga ta kumbura. Dubi ranar 11, inda sefa 120,000 suka shigo daga lambar da ba ta sake bayyana ko sau ɗaya ba a cikin watan. Ranar 13 kuma adadin nan, ba ƙari ba ragi, ya fita babu ladan turawa, an rubuta Annulation a gefensa. Wani ne ya yi kuskuren lamba, ya kai ƙara wurin kamfani, aka mayar masa da abinsa. Ka soke layukan biyu gaba ɗaya. Kuma tunda mayar da kuɗi kan ɗauki kwanaki, abin da ya shiga ranar 29 ana iya janye shi ranar 3 ga watan gaba, saboda haka ni ba na karɓar takardar da ta tsaya cak a ƙarshen wata. Nakan ce a ƙaro mini ta mako biyu na gaba, ko da ba zan lissafa su ba.

Akwai wani nau'in mayarwa da ya fi wannan ɓuya, domin shi a layin shiga yake bayyana kamar ciniki. Ranar 20 mutumin ya tura sefa 60,000 zuwa asusunsa na banki, aka cire su, turawar ba ta kammala ba, washegari aka dawo masa da su. Idan ka dubi ranar 21 kaɗai za ka ce wani mai saye ne ya biya 60,000, alhali kuɗinsa ne suka je suka dawo. Alamar gane shi ita ce babu lambar mutum a wurin mai turawa, kuma idan ka ja yatsa sama za ka tarar da adadi iri ɗaya ya fita kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Shi ma ka ɗebe shi.

Game da maimaici kuwa, lambar hulɗa ce za ta raba maka gardama, wato jerin haruffa da alƙaluman nan da kamfani ke ba kowace turawa, wadda ba a taɓa ba hulɗa biyu iri ɗaya. Idan layuka biyu suna ɗauke da lamba ɗaya, takarda ce ta maimaita kanta, kuma hakan ya fi faruwa idan an ciro lissafin kashi biyu, na 1 zuwa 15 da na 15 zuwa 30, ranar 15 ta fito sau biyu. Wannan mai sauƙi ne. Na ranar 24 shi ne mai wuya: sefa 45,000 sau biyu daga wani mai saye na Yamai, tsakaninsu minti uku, lambobin hulɗa daban, sauran kuɗi kuma ya hau sau biyu. Kuɗin sun shiga da gaske, amma takarda ba za ta gaya maka ko kaya biyu aka saya ko kuwa mai sayen ne bai ga saƙon tabbatarwa ba ya sake danna turawa. A nan sai ka tambayi mai albasar, ka ce ya nuna maka littafinsa na buhunan da ya loda a ranar. Na duba ranar 25 na ga ya tura wa lambar nan 45,000 da hannunsa, wato ya mayar da rarar, amma da a ce tsaba ya ba direban mota ya kai masa, babu abin da zai fito a takarda. Kada kuma ka yi saurin soke duk adadi biyu masu kama, domin mai sayen buhu biyar kowace ranar kasuwa zai riƙa turo kuɗi iri ɗaya mako bayan mako, kuma wannan shi ne cinikin da ya fi kowane ƙarfi a matsayin shaida. Tazarar mintoci ce abin tuhuma.

Yanzu ka ɗebe 75,000 da 120,000 da 60,000 da 45,000 daga 612,000, za ka ga saura 312,000, kusan rabin abin da ka so rubutawa. Da an yanka masa biyan wata bisa adadin farko, shi ne zai fara shan wahala kafin mu, kuma ban ga alamar ya yi niyyar ruɗin kowa ba, tunda bai ɓoye ko layi ɗaya ba. Wannan 312,000 ɗin ma kuɗin ciniki ne, ba a cire kuɗin sayen albasa daga Galmi da na mota ba, kuma wata ɗaya bai isa a auna mai sana'ar da ke hawa da sauka da kaka ba, don haka ka nemi na wata shida ka bi kowane wata haka.

A cikin dosiye ka haɗa takardar kamfani yadda take, kada ka goge komai a kanta, sannan ka sa wata takarda daban inda za ka jera layukan da ka cire, kowanne da ranarsa da lambar hulɗarsa da dalilin cire shi, mai neman rancen ya karanta ko a karanta masa, ya sa hannu a ƙasa. Idan ya yi gardama a kan wani layi, ka tura shi ofishin kamfanin da lambar hulɗar ya karɓo bayani a rubuce, kuma kada ka lissafa wannan kuɗin sai bayanin ya zo.