Alat da oda: yadda ake haɗa su a lissafin dare

"Salamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Sabon Gari, yawancin oda ta waya ake yi. Da dare sai in ga alat sun fi ashirin, kuɗi iri ɗaya, sunaye kuma ba na masu odar ba. Yaya zan gane wanda ya biya?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, ki daina lissafi da alat ɗin tes ko hoton rasit da ake turo miki. Tes yakan makara, ana kuma iya ƙirƙirarsa, shi ma hoton ana gyara shi. Ki buɗe manhajar, OPay ce ko Moniepoint ko PalmPay, ki shiga jerin kuɗin da suka shigo ranar. Abin da babu shi a nan bai shigo ba.

Sannan ki ba kowace oda lamba a littafi, da sunan mai ita da kuɗin kaya da na aike. A gefe ki bar gurbi biyu: sunan asusun da aka turo da shi, da lambobi shida na ƙarshe na Session ID. Wannan lamba ce mai tsawon 30 da ke kan rasit idan an turo daga wani banki zuwa wani. Shidan farko na bankin da ya turo ne, sha biyun da ke biye kwanan wata da lokaci ne, shi ya sa farkonta ke kama da juna, ƙarshenta ne ke bambanta. In ku biyun manhaja ɗaya kuke amfani da ita, lambar cinikin da ke kan rasit za ki ɗauka.

Bari in ba ki misali. Oda ta 14 naira 12,500 ce, ta 17 ma 12,500, ta 21 kuma 18,000. A asusu kin ga 12,500 sau ɗaya tak, da sunan wani namiji, sai 13,500 da sunan wani shago, sai 10,000 da safe da 8,000 bayan la'asar, duka daga suna ɗaya.

Ki fara da mai sauƙi. 10,000 da 8,000 sun tashi 18,000, oda ta 21 ce aka biya kashi biyu. Ki rubuta lambobin biyu a layinta. Shi kuma 13,500 da alama 12,500 ne da 1,000 na ɗan aike zuwa Samaru, sunan shagon kuwa na mai POS ne, don ɗalibai da yawa kuɗin hannu suke ba shi ya tura. Amma kar ki rufe odar da zato. Ki nemi rasit daga mai oda ta 14 da mai ta 17, ki gwada ƙarshen lambobin da na asusunki.

A nan ne nake so ki tsaya sosai, don a nan mutane ke asara. Idan duka biyun suka turo miki rasit na 12,500, ki dubi lambar. In iri ɗaya ce, biya ɗaya ake nuna miki sau biyu, wani lokaci ba da mugun nufi ba, misali miji ya biya wa matarsa, ita kuma ta ɗauka har da na ƙanwarta ya haɗa. Ƙa'idata ita ce lamba ɗaya ba ta rufe oda biyu, kuma da zarar na yi amfani da ita sai in ja mata layi. In kuwa lambar daban ce kuma babu ita a asusunki, mai yiwuwa kuɗin sun maƙale a hanya. Ko dai su shigo daga baya ko su koma wa mai su. Kaya su zauna a shago, mai odar ta kai lambar zuwa bankinta a bincika. Ki faɗa mata da taushin murya, yawanci ita ma an cire mata.

Kuɗin da suka shigo ba ki gano mai su ba, ki buɗe musu shafi daban, kar ki zuba su cikin cinikin ranar. Duk wanda ya kira ya ce kuskure ya yi ki mayar, kar ki tura wa wani sabon asusu da ya karanto miki. Ki tabbatar sun shigo, kuma asusun da ya turo kaɗai za ki mayar wa.

Ki kuma tsayar da lokacin rufe littafi, a ce ƙarfe tara na dare. Abin da ya shigo bayan nan na gobe ne, ko da odar ta yau ce, in ba haka ba sai ki ƙirga shi sau biyu.

Dabarar da ta fi rage mini wahala ita ce ƙara lambar oda a kan kuɗin. Mai oda ta 14 ta turo 12,514, mai ta 17 ta turo 12,517. Ko da sunan wa suka shigo, kin san ta wace ce. Wasu za su cire 'yan canjin su turo 12,500 cif, musamman ta hannun mai POS. Irin waɗannan ki tambaye su tun lokacin karɓar oda da sunan wa kuɗin za su zo, ki rubuta a gurbin nan take.