Rangwame biyu sun hau kan leshi ɗaya

"Malam, ina sayar da leshi da atamfa a Kano, shagona na intanet kan WooCommerce yake. Tsofaffin kwastomomina suna da ragin kashi 10 cikin 100 kullum. Da Sallah ta matso na fitar da lambar rangwame ta kashi 15. Jiya wata ta ɗauki leshin N50,000 ta biya N38,250, alhali N41,000 ya tsaya mini har da kuɗin mota. Ina matsalar take? Kuma in ce ta ciko?"

Hajiya, adadin da aka biya shi ya tona asirin. Cire kashi 10 daga N50,000, saura N45,000. Cire kashi 15 daga wannan N45,000 ɗin, wato N6,750, saura N38,250 cif. Ke nan ragin tsohuwar kwastoma ne ya fara sauke farashi, sannan lambar Sallah ta zo ta yanki nata daga abin da ya rage. Jimillar ragin ya kai kashi 23.5, kin kuma yi asarar N2,750 a kan leshin, ban da abin da kamfanin karɓar kuɗi ya cira.

Da N37,500 kika gani, da sai in ce an haɗa 10 da 15 an zabge kashi 25 daga farashin asali. Da kuma N36,125 ne, to lambar Sallar ce ita kaɗai ta yi aiki sau biyu, wannan kuwa gyaran mai haɗa shafi ne. Naki ba lalacewa ba ce. Kin kafa dokoki biyu, ba ki gaya wa shagon wadda za ta ja baya in sun haɗu ba.

Matakin farko, dakatar da lambar yau, kafin labari ya zaga guruf-guruf na WhatsApp. Sannan ki buɗe saitinta, ki shiga sashen Usage restriction. Akwai akwatin da aka rubuta Individual use only. Mutane da yawa suna danna shi su kwanta barci, amma abin da yake hanawa kawai shi ne haɗa lambar rangwame da wata lambar rangwamen. In ragin tsofaffin kwastomominki ta hanyar lamba ake ba da shi, ya wadatar. In kuwa wata ƙarin manhaja ce da aka ɗora wa shagon take sauke farashi da zarar kwastoma ta shiga asusunta, to akwatin nan bai san da zamanta ba. Ina kyautata zaton haka naki yake. Akwai akwati na biyu, Exclude sale items, wanda ke hana lamba taɓa kayan da aka riga aka yi wa ragi, sai dai yana aiki ne in manhajar ta nuna kayan a matsayin mai ragi, ba kowace ke yin haka ba. Gyaran da ya fi tabbas yana cikin saitin ita manhajar: ki nemi inda ake kashe ragin in an saka lamba. In babu, ki sa wanda ya haɗa miki shafin ya ƙara wannan sharaɗi.

Dokar da nake ba ki shawara ita ce kwastoma ta samu mafi girma cikin biyun. A leshin nan N42,500 ke nan. Amma duba da kyau, ribar da ta rage N1,500 ce kacal. Ribarki gaba ɗaya N9,000 ce, kashi 18 na farashi, don haka duk ragin da ya wuce 18 uwar kuɗi yake ci. Ni da ni ne, leshi ba zai shiga lambar 15 ba, sai kayan da ribarsu ke da kauri.

Bayan gyara ki gwada da kanki da asusun tsohuwar kwastoma: babu lamba ki ga N45,000, da lamba ki ga N42,500 in kin bar leshin a cikin lambar. Ki je har shafin biya, kar ki tsaya a kwando.

Batun ciko kuwa, a'a. Farashin da shagonki ya nuna mata ta biya, ba ta yi wayo ba, kuma N4,250 da za ta ciko ya kai N42,500 bai kai ki rasa wadda ta daɗe tana saye a wurinki ba. Ki tura mata kayanta. Ki tace odar da aka yi tun ranar da lambar ta fita, ki ƙirga nawa ne suka samu ragi biyu, ki rubuta jimillar a kuɗin talla. In za ki sake sakin lambar, ki rubuta a jikin sanarwar cewa ba a haɗa ta da wani ragi.