Kemistiri: lissafin Ea daga k guda biyu

"Jama'a a taimaka. An ba ni k, wato lambar da ke nuna saurin reaction: k = 0.0020 a 27°C, da k = 0.0080 a 47°C, wai in nemo Ea, wato makamashin da ake buƙata kafin reaction ya fara. Ni 731 J/mol nake samu, malam ya ce ba daidai ba ne."

Ɗan'uwa, zafin ne ba ka mayar zuwa Kelbin ba. Ƙara 273 a kan kowanne, sai su zama 300 K da 320 K, sannan ka sa su a dabarar Arrhenius:

```
ln(k2/k1) = (Ea/R)(1/T1 − 1/T2)
```

k ya ninka sau huɗu, saboda haka ln 4 = 1.386. Cikin baka na biyu kuwa, 1/300 − 1/320 = 0.0002083. Ninka 1.386 da R, wato 8.314, ka raba da 0.0002083, za ka samu kusan 55,300 J/mol, wato 55.3 kJ/mol.

Inda na ga ɗalibai suna yawan faɗuwa bayan wannan shi ne gutsure lambobi da wuri. Tazarar 1/T1 da 1/T2 ƙanƙanuwa ce ƙwarai. In ka rubuta 0.0033 da 0.0031, amsarka za ta koma 57.6 kJ/mol. Bar lambobin a cikin kalkuleta har ƙarshe. In kuma Ea ya fito da alamar ragi, duba da kyau, ka juya T1 da T2 ne ba ka juya k ba.