Me ya sa aka cire min kuɗin shiyya ta 1 alhali ban sauka a can ba?

"'Yan uwa mazauna Landan, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Brixton na sauka a Highbury & Islington. A taswira duk biyun suna shiyya ta 2, amma an cire min kuɗi kamar wanda ya je tsakiyar gari. Kuskure ne, ko akwai abin da ban gane ba?"

Ɗan uwa, ba kuskure ba ne. Na daɗe ina bin wannan layin na Victoria zuwa wurin aiki, kuma kusan duk baƙon da na raka sai ya yi min wannan tambayar. Ana lissafin kuɗin ne da shiyyoyin da jirgi ya ratsa da kai, har da waɗanda ba ka sa ƙafa a cikinsu ba.

Shiyyoyin Landan a zagaye suke kamar ɓawon albasa: ta 1 ce a tsakiya, ta 2 ta kewaye ta, haka har zuwa ta 9. Brixton tana kudu, Highbury & Islington tana arewa, jirginka kuwa ta tsakiya ya keta. Daga Brixton sai Stockwell, sai Vauxhall, daga nan ka faɗa shiyya ta 1: Pimlico, Victoria, Green Park, Oxford Circus, Warren Street, Euston, King's Cross St Pancras. Sai bayan waɗannan ka koma ta 2. Don haka kuɗin shiyya ta 1 da ta 2 ka biya, daidai da wanda ya sauka a Oxford Circus. Iyakar shiyya ta 1 kuma ita ce mai tsada; ƙarin da ake yi tsakanin ta 2 da ta 3 bai kai nata ciwo ba.

Wani zai ce maka ka zagaya ta gabas da jirgin Overground daga Clapham High Street. Kada ka wahalar da kanka. Wannan layin yana bi ta Shoreditch High Street, ita ma a shiyya ta 1 aka sa ta, tasha ɗaya tal amma ta isa ta ɗaga kuɗin.

Akwai dai tafiye-tafiyen da zagayen ke da amfani. Ɗauki wanda ya taso daga North Greenwich zai je Highbury & Islington ɗin nan. Yana iya bin layin Jubilee zuwa Green Park ya canza zuwa Victoria, ya biya kuɗin tsakiya. Yana kuma iya bin Jubilee zuwa Stratford, ya hau Overground ta Hackney, bai taɓa shiyya ta 1 ba ko kaɗan. Sai dai na'urar da ke lissafin kuɗin ba ta ganin hanyar da mutum ya bi, shigarsa da fitarsa kawai ta sani. Shi ya sa aka kafa na'urori masu launin hoda a tashoshin canji irin su Stratford, Canada Water da Willesden Junction. In ka zo canza jirgi, ka ɗora katin da kake biyan kuɗin jirgi da shi a kan ta hodar, ita ce shaidarka cewa ka kauce wa tsakiya. In ka wuce ta, ana iya lissafa maka hanyar mai tsada. Kuma ba ta maye gurbin mai launin rawaya, wadda ake taɓawa a shiga da fita. Wanda bai taɓa ta rawaya ba wajen fita, kuɗi mafi yawa ake cire masa.

Sai tashoshin kan iyaka, waɗanda nake ganin kowa ya kamata ya haddace na kusa da gidansa. Vauxhall, Earl's Court, Notting Hill Gate da Elephant & Castle duk suna shiyya ta 1 da ta 2 a lokaci guda, kuma ana ɗaukar wadda ta fi maka sauƙi. Daga Brixton zuwa Vauxhall kuɗin shiyya ta 2 ne kaɗai; ka ƙara tasha ɗaya zuwa Pimlico, ka tsallaka iyaka ke nan. Stratford ma tun Janairun 2016 ta koma ta 2 da ta 3. Idan wurin aikinka tafiyar ƙafa ce daga irin wannan tasha, sauka a nan ka taka. Amma kada ka hau bas don kai kanka iyaka, kuɗin bas ɗin zai cinye rarar, har ya wuce. Bas ba ruwanta da shiyya, kuɗinta ɗaya ne ko ina za ka, don haka in kana da lokaci, yi tafiyar gaba ɗaya da ita.

Lokaci ma yana canza farashi. Litinin zuwa Juma'a, daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4:00 zuwa 7:00 na yamma kuɗin ya fi yawa, sai dai in da yamma ne ka taso daga waje za ka sauka a shiyya ta 1. Kafin ka yanke hanyar da za ka riƙa bi kullum, buɗe Single fare finder a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka sa tashoshin biyu. Zai nuna maka farashin yanzu, da hanyar zagaye in akwai, da tashar da za ka taɓa ta hoda.