Yadda ake ƙiyasta kwanakin aikin da ba a taɓa yin irinsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu a Garwa ta ɗora mini kula da aikin rijiyar burtsatse mai famfon sola a wani ƙauye. Ba mu taɓa yin irinsa ba, ba mu da wani tsohon rahoto da za mu duba, kuma masu ba da kuɗin suna son in faɗi ranar gamawa. An ce mini in yi ƙiyasi mai lamba uku. Daga ina zan samo lambobin, kuma yaya zan haɗa su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hanyar da aka nuna maka ta dace, domin don irin halin da kake ciki aka ƙirƙiro ta. Sojojin ruwan Amurka ne suka fito da ita a 1958 da sunan PERT, lokacin da suke aikin makami mai linzami na Polaris, wanda babu wanda ya taɓa ƙera irinsa. Kowane sashe na aiki ana ba shi lambobi uku: O, kwanakin da zai ci idan komai ya tafi lafiya; M, kwanakin da aka fi tsammani; da P, kwanakin da zai ci idan abubuwa sun cuɗe. Sannan a yi wannan lissafi:

```
E = (O + 4M + P) / 6
S = (P - O) / 6
```

E shi ne matsakaicin kwanakin da za ka yi tsari da shi, S kuma ma'aunin rashin tabbas ne. Lissafin ba ya ɗaukar minti biyu a waya. Aikin gaske yana wurin samo lambobin.

Ƙungiyarku ce ba ta da tarihin aikin, amma mai injin haƙa yana da shi a kansa, haka direban da ke bin hanyar Ngaundare zuwa Garwa kowane mako. Wurinsu za ka je, kowa shi kaɗai, don in ka tara su wuri guda ƙarami ba zai saɓa wa babba ba. Kuma kada ka buɗe baki da "kwana nawa zai ɗauka?" Mai neman kwangila zai ce maka mako ɗaya in sha Allah, daga nan duk lambar da ya sake faɗa za ta manne kusa da wannan. Fara da mummunar. Ka ce masa, "Maigida, rijiyar da ta fi ba ka wahala, kwana nawa ta ci, me ya jawo?" Za ka ga ya ajiye kofin shayinsa ya fara lissafi da yatsu: an ci karo da dutse, bakin injin ya lalace, an jira kwana huɗu kafin a kawo wani. Wannan ita ce P ɗinka. Bayan ta ka tambayi wadda ta fi sauri, sai daga ƙarshe wadda ya fi yawan gani. Duk lambar P da ba ta zo da dalilinta ba, ni ba na rubuta ta.

Bari mu gwada da lambobin misali, kai kuma ka sa na mutanenka a madadinsu. Sassa uku ne suke bin juna dole, domin ba a sayen famfo sai an gwada rijiyar an san zurfinta da yawan ruwan da take bayarwa. Haƙa da gwajin ruwa: 5, 7, 15, wanda ya ba da E kwana 8. Odar famfo da farantan sola daga Duwala har su iso: 8, 12, 28, E kwana 14. Haɗawa da gwaji: 3, 4, 11, E kwana 5. Jimilla kwana 27.

Ka lura da abin da ya faru. Da ka tara lambobin tsakiya kawai, 7 da 12 da 4, da kwana 23 za ka yi alkawari, kuma nan ne yawancin mutane suke jin kunya. Dalili shi ne aiki ba ya iya gaggautuwa da yawa, amma yana iya jinkirtuwa sosai: kayan Duwala za su iya riga lokaci da kwana huɗu, za su iya makara da goma sha shida. Da kuma ka tara munanan duka, kwana 54 za ka samu, ba wanda zai yarda da shi, kuma da wuya dukkan matsalolin su faɗo a aiki guda.

Yanzu ranar da za ka faɗa. Kwana 27 kusan rabi da rabi ne, ko ka cika ko ka wuce. Don samun rarar da ta dace, ba a tara S kai tsaye. Kowace S ana ninka ta da kanta, a tara, sannan a danna √ a kalkuleta. S ɗinmu su ne 1.67 da 3.33 da 1.33, waɗanda suka zama kusan 2.8 da 11.1 da 1.8, jimilla 15.7, kuma √ ɗinsa kusan 4 ne. In ka ƙara 4 a kan 27 ka ce kwana 31, damar cikawa kusan kashi 84 cikin ɗari ce a lissafi. In ka ce 35, kusan kashi 98. Da sassa uku kacal, ka ɗauki waɗannan kasoshin a matsayin kusan-kusan. Ni da zan rubuta wa masu kuɗin cewa muna aiki da kwana 27, alkawarinmu kuma kwana 35 na aiki, ban da ranakun hutu.

Dubi 11.1 ɗin nan da kyau. Cikin 15.7, kusan kashi bakwai cikin goma na rashin tabbas daga jigilar kaya yake. Ke nan ba mai haƙa ne zai hana ka barci ba. Ka bincika tun yanzu ko akwai dillalin da ke da irin famfon a shagonsa a Garwa ko Marwa. Ko da ya ɗan fi tsada, in P ta sauko daga 28 zuwa 14, E na wannan sashe ya koma ƙasa da kwana 12, kuma S ta faɗo zuwa 1.

Akwai wuraren da lissafin yake yaudara. Yana ɗauka cewa jinkirin wani sashe ba ruwansa da na wani. Damina tana rushe wannan zato: a watan Agusta ruwa ɗaya ne zai cika rafi, ya hana injin haƙa shiga ƙauye, ya maƙale motar kaya a laka, ya tsayar da magina. Saboda haka ka gaya wa kowa watan da za a yi aikin kafin ya ba ka lamba, kuma in aikin zai shiga damina, ka sake ƙiyasin daban. Haka nan yiwuwar rijiya ta fito ba ruwa, kada ka cusa wannan cikin P, zai kumbura lissafin ya ɓata shi. Rubuta shi a gefe a matsayin haɗari mai zaman kansa, da kwanakin sake haƙa a wani wuri da kuma wanda zai biya.

Sai hasumiyar tanki, wadda za a gina yayin da ake jiran kaya. Ko da ƙiyasinta kwana 13 ne, ƙasa da 14 na jigila, kada ka watsar da ita. Ba a fara haɗawa sai duka biyun sun kammala, kuma in kowanne damarsa rabi ce, damar su cika tare kusan ɗaya cikin huɗu ce. A fara zuba ginshiƙanta tun ana haƙa.

Daga ranar da injin ya shiga fili, ka riƙe littafi, ka rubuta ranar farawa da ta gamawa ta kowane sashe da abin da ya tsayar da shi. In haƙa ya ci kwana 12 maimakon 8, sa 12 a wurinsa, ka sake tara sauran, ka sanar da masu kuɗin sabuwar ranar a makon.