Kin ba da labarin, amma ba ki yi nazari ba

"Na rubuta maƙalar waiwaye kan wani abu da ya faru a ɗakin jinya, an ba ni maki kaɗan, malama ta rubuta 'labari ya yi yawa'. Ya zan yi amfani da takardar rabon maki in gyara?"

'Yar'uwa, ɗauko takardar ki duba inda maki ya fi nauyi. Idan tsarin waiwaye na Gibbs na 1988 kuke bi, matakai shida ne, amma ba kai ɗaya ake raba musu maki ba. Bayanin abin da ya faru kaɗan yake samu. Nazari da shirin gyara ne ke kwashe kaso mai tsoka. To ki sa alƙalami mai launi ki ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ke ba da labari kawai. In layin ya cinye rabin maƙalar, ga inda makinki ya zube.

A ce kin auna hawan jinin wata tsohuwa, ya fito sama, ba ki sanar da babbar nas ba sai bayan awa biyu. Jimla uku ta isa wannan. Abin da mai dubawa ke nema shi ne dalili: nauyin babbar nas ɗin kika ji, ko ba ki san adadin da ke buƙatar sanarwa nan take ba? Gyaransu ba ɗaya ba ne. Daga nan ki kawo abin da ƙa'idar aiki da littattafan jinya suka ce game da kai rahoto, ki gwada da abin da kika yi.

A shirin gyara kuma, "zan ƙara kula" ba ya kawo maki. Faɗi abin da za ki koya, wurin wa, zuwa yaushe. Kuma kada sunan majinyaciya ko na asibiti ya fito, wasu makarantun kan kayar da ɗalibi a kan wannan kaɗai.