Hukuncin Karɓar Bashin Sayen Gida na Asusun Gidaje na Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 35, ina da mata da 'ya'ya huɗu a gidan haya. An daɗe ana cire mini kashi 2.5 cikin ɗari na albashina zuwa asusun gidaje na ƙasa. Yanzu na samu gida na naira miliyan 20. An ce in kawo miliyan 2, a ranta mini miliyan 18, in biya cikin shekara 25 da ƙarin kashi 6 cikin ɗari. Wasu abokaina sun ce wannan ƙarin ladan aiki ne kawai, kuma bai kai yadda naira ke faɗuwa ba. Ya halatta in karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ka sa hannu. Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, saboda haka bari mu fara da sanin abin da ke cikin takardar da aka miƙo maka.

Asusun nan an kafa shi da doka a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke kula da shi. Miliyan 2 da za ka kawo kafin alƙalami ne, wato kasonka na farashin gidan, kashi 10 cikin ɗari. Sauran miliyan 18 rance ne, gidan kuma yana jingine har ka gama biya. Shekara 25 ɗin ma ba da ka aka yanke ta ba: ana so bashin ya ƙare kafin ka kai shekara 60 ka yi ritaya.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne kashi 6 ɗin. Suna ɗauka sau ɗaya ake ɗora shi, su lissafa miliyan ɗaya da 'yan kai, su ce ai ba yawa. Ba haka ba ne. A kowace shekara ake lissafa shi a kan abin da ya rage maka na bashi. Da wannan lissafin, duk wata za a cire maka kusan naira dubu 116. A watan farko, dubu 90 daga ciki kuɗin ruwa ne, dubu 26 kacal ke taɓa uwar kuɗin. Bayan shekara 10 za ka tarar ka biya kusan miliyan 13.9, amma in ka nemi a buga maka takardar abin da ake binka, za ka ga har yanzu miliyan 13.7 ne. Ranar da ka gama, abin da ya fita daga aljihunka kusan miliyan 34.8 ne a kan rancen miliyan 18. Haɗa da miliyan 2 na farko, gidan miliyan 20 ya tsaya maka kusan miliyan 36.8. Wannan kuwa ban da la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin mai ƙiyasta darajar gida, inshora, da kuɗin rajista da neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta.

Ka lura da abin da tsawon lokaci ke yi. Da a shekara 15 za ka biya, abin cirewa duk wata zai hau zuwa kusan dubu 152, amma ƙarin zai sauko daga miliyan 16.8 zuwa miliyan 9.3. Gida ɗaya, rance ɗaya, aikin ma'aikatan banki ɗaya, amma an samu bambancin miliyan 7.5. Me aka saya da wannan kuɗin? Jinkirin shekara 10, ba komai ba. Nan maganar abokanka ta ladan aiki ta rushe. Ladan aiki na gaskiya ana auna shi da aikin da aka yi, na cike takardu da duba gida da albashin ma'aikata, kuma malaman zamani sun halatta karɓarsa gwargwadon ainihin abin da aka kashe. Ƙarin da ke girma da girman bashi, yake kuma girma da tsawon lokaci, wannan shi ne ribar jinkiri da Alƙur'ani ya sauka yana hanawa.

Allah Maɗaukaki Ya ce a suratul Baƙara, aya ta 275, cewa Ya halatta ciniki kuma Ya haramta riba. A aya ta 279 Ya ce idan kun tuba, to uwar dukiyarku taku ce, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Ayar ba ta ware kaɗan ta bar shi ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da mai rubuta ta da shaidunta biyu, ya ce daidai suke. Kai a nan kana matsayin mai bayarwa ne. Malamai sun haɗu a kan cewa duk rancen da aka sharɗanta ƙari a cikinsa riba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala takanas a Jidda a 1990, ta yarda cewa muhalli yana cikin buƙatun ɗan Adam na asali, amma ta ce rancen bankunan gidaje mai ruwa haramun ne, ko ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Gaskiya ne kashi 6 sassauci ne babba idan aka gwada da bankunan kasuwanci. Da miliyan 18 ɗin nan a kan kashi 25 aka ba ka na shekara 15, da duk wata kusan dubu 384 za ka biya, jimilla ta haura miliyan 69. Ban musa cewa an tsara asusun don taimakon ma'aikata ba. Sai dai kyakkyawar niyyar mai ba da rance ba ta canza sharaɗin da ke rubuce.

Hujjar faɗuwar naira ita ce mafi ƙarfi cikin abin da aka faɗa maka, kuma ba zan raina ta ba. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, don haka dubu 116 da za ka biya nan da shekara 20 ba za ta sayi abin da take saye yau ba. Wasu malamai sun yi magana a kan duba daraja idan kuɗi ya karye ƙwarai, amma suna magana ne a kan sulhu a ranar biya, bayan an ga ɓarnar da ido. Abin da ke gabanka ƙari ne da aka yanke tun ranar farko. Ko naira ta yi tsada gobe sai ka biya shi. Ita ma Majalisar Fiƙihu ta zartar a Kuwait a 1988 cewa bashi ana biyansa da kwatankwacinsa, ba da darajarsa ba.

Cewa da kuɗinka a cikin asusun ma bai sa ka zama mai ranta wa kanka ba. Abin da aka tara maka haƙƙinka ne, ka karɓe shi idan lokacinsa ya yi, abin da aka ɗora masa na ruwa ka fitar da shi ga mabuƙata. Cirewar da ake yi maka bisa doka babu laifi a kanka.

Saura larura. Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame a 1999 ga Musulmin can da ba su da gida kuma ba su da wata hanya ta halal, malamai da dama kuma sun saɓa mata tun a lokacin. Ko a wurin waɗanda suka yi rangwamen, sharaɗin shi ne rashin mafita. Kai kana da wurin kwana, ko da na haya ne, kana kuma ƙasar da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke aiki, tun daga Jaiz da ya fara a 2012, har TAJ da Lotus da suka biyo baya. Na san ɗacin haya. Na san yadda gaban magidanci ke faɗuwa idan wa'adi ya matso mai gida ya aiko da ƙarin kuɗi. Ƙunci ne na gaske, amma a halin da ka bayyana bai kai larurar da ke halatta haram ba. Don haka hukuncin da nake gani shi ne bai halatta ka sa hannu a wannan yarjejeniya yadda take ba.

To ina mafita? Ciniki a kan bashi da farashin da ya fi na hannu halal ne a mazhabobi huɗu. Idan mai gini ko hukumar gidaje da ta mallaki gidan ta ce maka miliyan 20 ne a hannu, miliyan 30 ne a shekara 10, kuka tsaya a kan ɗaya kafin ku rabu, cinikin ya inganta. Miliyan 30 ɗin ta zama bashi tsayayye, ba a ƙara ko sisi idan ka yi jinkiri. Akwai kuma haɗin gwiwa mai raguwa: ka sa miliyan 2, banki ya sa 18, ku mallaki gidan tare, kana biyan hayar kason bankin kana sayensa kaɗan-kaɗan har ya zama naka.

Sai dai kada sunan Musulunci a ƙofar banki ya hana ka karanta takarda. Ka tambaya: bankin ya sayi gidan ya shiga mallakarsa kafin ya sayar maka? Idan gidan ya rushe a wannan tsakanin, asarar wa? Malikiyya sun tsananta a nan. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani ya ce wa wani ya sayi raƙumi da kuɗi hannu shi kuma ya saya a wurinsa zuwa wani lokaci, aka tambayi Abdullahi ɗan Umar, ya ƙi hakan ya hana. Malaman zamani da suka halatta wannan ciniki sun sharɗanta mallaka ta gaske da ɗaukar asara. Idan bankin kuɗi kawai ya tura wa mai gida ya rubuta maka bashi da ƙari, rancen nan ne aka canza masa riga. Ka tambaya kuma inda tarar jinkiri ke zuwa, domin bai halatta ta shiga aljihun bankin ba. Kafin alƙalamin ma ka san matsayinsa idan ciniki ya fasa. Jumhuru, har da Malikiyya, sun hana mai sayarwa ya riƙe shi, Hanbaliyya sun halatta idan an sharɗanta. Abin da ya fi maka aminci a rubuta cewa za a mayar maka, ban da ainihin abin da aka kashe.

Kada ka yi tsammanin hanyar halal za ta fi arha. Sau da yawa za ta fi kashi 6 tsada nesa, domin bankin da farashin kasuwa yake lissafi. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka duba cewa abin cirewa duk wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba. Idan ya fi ƙarfinka, miliyan 2 ɗin da ke hannunka ka nemi fili mai ingantacciyar takarda a inda ƙarfinka ya kai, ka riƙa ɗora bulo ta hanyar adashi ko rancen ƙungiyar ma'aikata marar ruwa. Ka kuma je ofishin FMBN ka tambaya ko akwai tsari marar ruwa da za a sa ka a ciki, ka kawo takardar a duba sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya.

Wanda kuwa ya riga ya shiga, ya tuba, kada ya daina biya a ƙwace gidan iyalinsa. Ya yi ƙoƙarin rage uwar kuɗin da duk abin da ya samu, domin kowace naira da ya biya da wuri tana yanke ruwan da zai hau kanta a sauran shekarun. Gidan nasa ne, zama da salla a cikinsa sun halatta.

Allah Ya hore maka muhalli na halal. Wallahu a'alam.